Lambar da Ba Ta Cika Ba

Teburinsa shi ne na ƙarshe a ofishin, tsakanin firijin ruwa da tagar da ba ta rufuwa sosai, kuma duk wanda ya zo shan ruwa sai ya leƙa allonsa ya ce, "Mai Makabarta, gawa nawa yau?" Ya daɗe da daina jin haushin sunan. Wani lokaci ma idan waya ta yi ƙara, da shi yake amsawa.

Kamfanin nasu ƙarami ne, aikinsa tura wa marasa lafiya saƙon waya a madadin asibitoci: ranar ganin likita, ranar rigakafin yara, sakamakon gwaji ya fito. Idan nas ta danna a kwamfutarta, saƙon yana shiga layi a matsayin aiki guda, manhaja ta ɗauke shi ta miƙa wa kamfanin waya. Idan ya ƙi tafiya, manhajar ta ɗan jira ta sake gwadawa, ta ƙara tsawon jiran ta kuma gwadawa, har sau biyar. Daga nan sai ta cire shi daga gaban sauran, don kada ya tare hanya, ta jefa shi wani layi na gefe inda babu abin da ke motsi sai mutum ya taɓa. Injiniyoyi na kiransa layin matattu, sauran ma'aikata kuwa makabarta. Abin da ya yi mako biyu a ciki ba a taɓa shi ba, layin da kansa yake sharewa.

Kullum da safe yakan zuba shayi, ya buɗe layin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yakan fara da karanta dalilin faɗuwa. Waɗanda suka faɗi don kamfanin waya ya ɗauke na ɗan lokaci, lafiyarsu ƙalau, sai ya mayar da su babban layi su tafi. Amma ko su ɗin ba ya mayarwa da ka, sai ya duba kwanan wata, domin tunatar da mutum ganin likitan da ya wuce shekaranjiya rikita shi kawai zai yi. Irin waɗannan yakan soke su, ya rubuta dalili. Akwai kuma waɗanda aibin yana jikinsu, kamar lambar da ba ta cika ba ko gurbin da aka bari fanko. Ko sau dubu aka mayar da su, nan za su dawo. Ƙa'ida ta ce ba shi da ikon gyara abin da asibiti ya rubuta. Sai ya tura wa asibitin imel da lambar aikin, in sun gyara a wajensu sabon saƙo ya fito, shi kuma ya rufe tsohon.

Ranar Talata ya tsaya a kan wani da ya riga ya sani. Kwanansa goma sha uku a ciki. Daga wani asibitin unguwa ya fito, lambar wayar ta gaza da ɗaya a ƙarshe. Manhajar tana rufe masa sunan mai saƙon, amma tana nuna irin saƙon: sakamakon gwajinki ya fito, ki zo sashen duba masu ciwon ƙari ki ga likita cikin makon nan. Makon ya wuce, na bayansa ma yana ƙarewa. Ya tura imel tun ranar farko, ya sake turawa, shiru. Da a ce tunatarwar rigakafi ce, da tuni ya rubuta "an mayar wa asibiti" ya rufe, kamar yadda ya saba. Wannan ne dai hannunsa ya ƙi.

Ya kira lambar asibitin. Ta yi ta ƙara har ta tsinke. A karo na uku wani ya ɗauka, ya ce nan wajen yankan kati ne, ya duba a kwamfuta, ya ce, "Malam, ai a nan an rubuta an aika," ya ajiye.

Ya tashi ya je teburin Dogo, injiniyan da ya gina rabin manhajar, wanda ke zaune da ƙafa ɗaya a kan kwandon shara yana cin biskit.

"Dogo, me asibiti ke gani idan saƙo ya mutu a wajena?"

"An aika."

"Bai tafi ba fa."

"Ya tafi daga wajensu, ya shiga layi. Lokacin ne muke rubuta an aika." Ya karkaɗe garin biskit daga rigarsa. "Na sani, na sani, kada ka yi min wannan kallon na mai wa'azi. Yana cikin abubuwan da za a gyara tun bara. Manaja ya ce a fara gama sabon shafin da masu kuɗi za su gani."

"To ita nas ɗin tana zaton an faɗa wa matar, ta ƙi zuwa."

"Wace mata?"

Ya nuna masa. Dogo ya sauke ƙafarsa daga kwandon, ya karanta, ya daina taunawa. Ya ce zai iya ƙara wa layin wa'adi ya zama wata guda, aikin minti ɗaya ne. Sai kuma ya ɗaga kafaɗa. "Amma me wannan zai yi mata? Saƙon zai ƙara kwana a wajenka ne kawai, ita kuma abin da ke jikinta bai san da wa'adinmu ba."

Mai Makabarta ya koma teburinsa, ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya kwafi guntuwar lambar, ya nema a cikin tarihin saƙonnin da suka isa lafiya. Guda ɗaya ta fito. Lamba ce iri ɗaya sak, da ƙarin bakwai a ƙarshe, daga asibiti ɗaya, kuma saƙonnin rigakafin yaro ne ke zuwa mata, duk suna isa. Ya zauna yana kallonta har shayinsa ya huce. Manhajar tana da wurin gyara saƙo kafin a mayar da shi layi. An bar shi ne don injiniyoyi, amma babu wanda ya taɓa kulle masa. Ya sa bakwai ɗin. Gargaɗin ja ya ɓace daga allon. Saura dannawa ɗaya.

Bai danna ba, kuma bai goge ba. Ya bar shafin a buɗe ya ci gaba da sauran gawarwakin har aka tashi.

A gida ya tarar da matarsa ta baje yadi a tsakiyar falo tana yanka, almakashi a hannu, tef a wuya. Mahaifiyarsa na kan kujerarta ta kullum kusa da fanka, ta ɗora ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi. Yara sun tafi wajen maƙwabta kallo. Ya ci abinci a tsaye a bakin ƙofar kicin, abin da matarsa ta tsana.

"Baban yara, kujerun gidan nan haya ake biya kafin a zauna?"

Ya zauna. Can ya ce, "Bari in tambaye ku wani abu. Misali ne kawai."

"Inna, kin ji, an fara," in ji matar. "Misalan ɗanki da ba sa ƙarewa. Jiya kaza da maƙwabci, yau kuma me?"

Ya ba su labarin ba suna, ba asibiti. Mace ce, likita na nemanta, lambar da ta bari ta gaza da ɗaya, ga wata lamba da ta yi kama da tata, mai yiwuwa tata ce, mai yiwuwa ta wani ce a gidan.

Matarsa ba ta ko ɗago ba. "Ka tura mana. Wannan har tambaya ce? Ni in likita na nemana, ko da lasifika ne a yi shela a titi. Kunya ba ta kashe mutum, ciwo ne ke kashewa."

"In wayar mijinta ce fa?"

"To sai me? Ba mijinta ba ne? Kai in aka turo maka nawa, ba kai ni asibitin za ka yi ba?"

"Ke kin yi sa'ar miji ne," in ji Inna daga kujerarta, "shi ya sa bakinki ke da faɗi."

"Kai, Inna! Yau kuma yabonsa ake?"

"Ban yabe shi ba, ya cika tunani kamar tsohon alƙali. Amma ba kowane gida ne ake jin irin wannan labari a tashi a nemi mota ba. Wani gidan, kafin matar ta sani, dangin miji sun gama zama a kanta." Ta gyara ƙafarta a kan matashin. "Ni da aka fara ce min sukari ne, wata nawa na yi ban faɗa wa kowa ba? Ba don ina tsoron wani ba. Ina so in fara zama da abina tukuna, in san yadda zan faɗe shi."

"Kuma da kin faɗa da wuri, da ƙafar nan ba ta kai haka ba," in ji matar a hankali, almakashin na ci gaba da tafiya.

Inna ba ta musa ba. Ta ce, "Haka ne. Amma da wani ya riga ni faɗa, da ban yafe masa ba har yau."

Ya dube su su biyun. Ya so ɗaya ta yi kuskure a fili, ya huta. Matar ta ninke yadin ta ce, "To malam mai misali, matar nan ba ta da asibiti ne? Asibitin ba shi da ƙofa?"

Washegari da safe, kafin komai, ya goge bakwai ɗin ya rufe shafin. Manaja ya tare shi a bakin ƙofa yana cewa ƙararrawar layin matattu ta dame shi da saƙo, a rage tarin nan kafin rana ta yi. Ya ce zai rage, amma yana son fita na awa biyu. Manaja ya dubi agogo, ya dube shi, ya ce awa biyun ta zama awa biyu.

Asibitin bene ne mai hawa ɗaya a bayan tashar mota. A ƙasa mutane sun cika bencina, fanka ɗaya na juyawa a kansu, mai yankan kati na kiran lamba ta wata ƙaramar taga. Ya nuna katin aikinsa, aka nuna masa matakala. Sashen duba ƙari ɗaki ne a ƙarshen baranda, da labule mai ruwan ƙasa da tebur cike da fayil. Nas ɗin babbar mace ce mai tabarau a goshi, tana cika wata takarda ba ta dube shi ba.

"In matarka ce a ciki, jira a waje."

"Daga kamfanin saƙonni nake, Sista."

"Auho, ku ne. Kwamfutarku ta sake cin wani abu?"

Ya ba ta lambar aikin a 'yar takarda. Ta buga da yatsa biyu, ta sauke tabarau, ta karanta. Ta juya allon kaɗan don kada ya gani, shi ma ya mayar da idonsa kan kalandar bango.

"An aika," ta ce.

"Bai isa ba. Lambar ta gaza da ɗaya. Tun ranar da kika danna yana kwance a wajena. Abin da allonku ke nufi da an aika shi ne ya bar nan, ba wai ya shiga wayarta ba."

Ta cire tabaran gaba ɗaya ta ajiye a kan fayil.

"Makon jiya na gan ta," ta ce. "A ƙasa, ta kawo yaro rigakafi. Muka haɗa ido, ta gaishe ni, na amsa. Na ce a raina, ta ga saƙo ta zaɓi kada ta zo, ba zan tare ta a gaban mutane in kunyata ta ba, bari in ba ta lokaci. Ashe ita kuma tana ganin tunda na yi shiru, lafiya ce." Ta dube shi. "Kun san abin da kuka yi kuwa?"

"Na turo imel sau biyu."

"Wane imel?"

Ya faɗa mata adireshin. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na tsohon akawunmu ne. Ya bar aiki tun kafin a yi wa ginin nan fenti. Ko mabuɗin akwatin babu wanda ya sani."

Ya ajiye maganar imel ɗin gefe tukuna. Ya ce, "Akwai wata lamba a wajenmu da ta yi kama da tata, wadda saƙon rigakafi ke zuwa. Na so in gwada."

"Ka tura?" Muryarta ta tashi har wata ƙaramar nas ta leƙo ta labule.

"Ban tura ba."

"Allah ya taimake ka." Ta kori mai leƙen da hannu. "Kai a zatonka kuskure ne? A ɗakin nan, in ka ga lamba ta gaza da ɗaya, sau da yawa mai ita ce ta haɗiye ɗayar. Mai kati ya ce lamba dole, ita kuma wayar gidan ba a hannunta take kwana ba. Ba ta son yin ƙarya, ba ta son yin gardama, sai ta faɗi lambar da sauri ta rage wutsiyar. Mun san da haka. Da allon nan ya ce min bai isa ba, da ranar na san abin yi."

"Tata ma haka ne?"

"Wannan ba naka ba ne, ɗan'uwa." Ta mayar da tabarau. "Muna da ma'aikaciya mai zagayen gidaje duba yaran da aka yi wa allura. Yaron nan an yi masa, zuwa duba shi ba abin tambaya ba ne a wajen kowa. Za ta je yau, in ta samu uwar ita kaɗai ta faɗa mata a kunne. In ba ta samu ba, ta koma gobe."

Ta karɓi lambar wayarsa ta rubuta a bayan hannunta, ta ce ya tafi, tana da mutane.

A ofis ya buɗe aikin, ya soke shi, ya rubuta dalili: an sanar da nas ɗin sashen baki da baki, kada a sake turawa. Sannan ya je ya faɗa wa Dogo duk yadda aka yi. Dogo ya saurara har ƙarshe, ya ce yau ɗin nan zai sa allon asibiti ya bambanta wanda ke layi da wanda ya isa da wanda ya faɗi, Manaja ya yi faɗansa daga baya. Sai ya jingina da kujera.

"Amma tsaya, Mai Makabarta. Imel ɗin nan da ba mai karantawa. Tun yaushe kake tura masa?"

"Tun da na karɓi aikin."

"Kana turawa, kana rubuta an mayar wa asibiti, kana rufewa."

"Haka ƙa'ida ta ce."

"Ni ma haka tawa ta ce." Dogo ya miƙa masa biskit. "Ashe ni da kai sana'armu ɗaya. Karɓi, kada ka faɗi a nan, ba mai ɗaukarka."

Bai karɓa ba. Ya koma teburinsa ya nemo duk abin da ya taɓa rufewa na wannan asibitin da wannan dalili. Saƙonnin kansu an riga an share su, amma lambobin aikin da irin saƙon suna nan a tarihin rufewa. Yawancinsu tunatarwa ce da lokacinta ya wuce, babu abin da za a yi musu. Kaɗan daga ciki na sashen nas ɗin ne. Ya ware su gefe. Ya lura bai ji komai ba ranar da ya rufe su, ko ɗaya bai tuna ba, kuma ya kasa gane abin da ya sa wannan gawar ta tsaya masa a rai sauran suka wuce. Ba ta fi su gaggawa ba. Wataƙila dai ranar da ta faɗo ya karanta irin saƙon kafin ya karanta dalilin faɗuwa, sauran kuwa ya fara da dalilin, ya ga na asibiti ne, ya wuce.

Ranar ba a kira shi ba. Washegari ma har aka tashi shiru, matarsa ta tambaye shi yaya misalin nan ya ƙare, ya ce bai ƙare ba tukuna. Sai ranar Juma'a da hantsi, yana tsakiyar mayar da wasu da kamfanin waya ya zubar, wata baƙuwar lamba ta shigo.

"Kai ne na kamfanin saƙo?"

"Ni ne, Sista."

"Ta zo. Tana ciki da likita yanzu."

Ya saki aikin da ke gabansa, ya gyara riƙon wayar.

"Ita kaɗai ta zo?" ya ce.

"Da yayarta. Ita ta zaɓi wadda za ta rako ta." Ya ji ana kiranta daga nesa, ta ce a jira. "Allon naku ya canja, na ga wasu sun koma ja. Na da can fa, waɗanda ka ce ka turo wa akawu?"

"Na ware su. Lambobin aikin kawai nake da su, sunayen suna wajenku."

"To kada ka turo min ta imel, don Allah. Karanto min yanzu, ina da biro."

Ya jawo allon kusa, ya fara karanta mata na farko a hankali, tana maimaitawa.